Shirya Taron da Tsofaffi da Masu Keken Guragu da Masu Raunin Ji Za Su Halarta Cikin Sauƙi

Duk baƙon da aka gayyata taro, walimar aure ce ko suna ko saukar Alƙur'ani ko lacca, akwai hanyar da dole ya bi. Zai sauka daga abin hawa, ya tsallake lambatun bakin titi, ya shiga ƙofa, ya sami wurin zama, ya ji abin da ake faɗa, ya ci abinci, ya kewaya, ya yi alwala da salla, sannan ya fito ya tafi gida. Mai lafiyar ƙafa da kunne yakan wuce duk waɗannan ba tare da ya lura da su ba. Ga tsoho mai ciwon gwiwa, da mai keken guragu, da wanda jinsa ya yi rauni, kowane ɗaya daga cikinsu wuri ne da taron zai iya ƙare masa. Idan ƙofa ta shigu amma banɗaki bai shigu ba, mutumin zai tashi da wuri, ko ya ƙi shan ruwa yini guda, ko ya aiko da uzuri tun daga gida. Shi ya sa gyaran wuri ɗaya ba ya wadatarwa, sai an bi hanyar tun daga bakin titi har a dawo bakin titi.

Mutanen da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da nakasa mai tasiri, kuma cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu yana da raunin ji mai hana shi gudanar da harkokinsa yadda ya kamata. A arewacin Nijeriya akwai kuma magidanta da iyaye mata da yawa da cutar shan inna ta taɓa tun suna yara. An bayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta kama suna nan, ana gayyatarsu biki kamar kowa. Ta fuskar doka ma, dokar Nijeriya ta 2018 mai hana nuna bambanci ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, kuma wa'adin ya cika a farkon 2024. Saboda haka mai biki da ya tambayi mai ɗakin taro ko keken guragu na iya shiga, ba alfarma yake roƙo ba.

Aikin yana farawa tun kafin a biya kuɗin ɗakin taro. Mutum ɗaya daga cikin masu shirin zai je wurin da tef ɗin awo, ya taka hanyar nan da ƙafarsa daga inda mota za ta tsaya. Abin da ya fi shi ne ya tafi da mai keken guragu ɗaya daga cikin waɗanda za su zo, domin idonsa zai ga abin da mai tafiya a tsaye ba zai gani ba. Tambayar mai ɗakin ta waya ba ta isa, domin amsar da aka saba ji ita ce babu matsala, akwai samari da za su ɗaga shi. Ɗagawa kuwa ba shiga ba ce. Dattijon da aka ɗauka sama a gaban surukansa ya san yadda abin yake a zuciyarsa, kuma da zarar an sauke shi a ciki ba shi da ikon fita sai ya nemi wasu samarin. A lokacin rabon katin gayyata kuma ake tambayar dangi ko akwai wanda zai zo da keke, ko mai buƙatar tafinta, ko mai ciwon sukari, domin a san adadinsu. Layi ɗaya a ƙasan katin da lambar wayar wanda aka ɗora wa wannan aiki ya isa.

A ɗauki misalin walimar aure da za a yi a wani ɗakin taro na haya, mai ɗaukar mutum kamar ɗari uku, ɓangaren maza daban, na mata daban. A bakin ƙofarsa akwai matakala uku, kowace tsayinta inci shida. Jimilla inci 18 ke nan, wato santimita 45 da 'yan kai. Hawan da keken guragu zai bi a nan shi ne gangare, kuma ƙa'idar da magina suka fi bi ita ce ɗaya bisa sha biyu. Kafinta zai fi saurin gane ta a haka: kowane inci ɗaya na tsayi yana buƙatar ƙafa ɗaya ta tsawo. Matakala mai inci 18 tana buƙatar gangare mai tsawon ƙafa 18, wato kusan mita biyar da rabi.

Wannan tsawo yakan ba mutane mamaki, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Falle ɗaya na filawud tsawonsa ƙafa takwas ne, faɗinsa ƙafa huɗu. Abin da aka saba gani shi ne a jingina falle guda a kan matakalar a ce an yi gangare. Ƙafa takwas a kan inci 18 ya fi ƙa'idar tsayuwa fiye da ninki biyu. Mai keken ba zai iya hawa da ƙarfin hannunsa ba, idan kuwa ya yi yunƙuri, ƙananan tayoyin gaba za su ɗaga, keken ya nemi kifewa ta baya da shi. Wajen sauka kuma keken zai ƙwace wa mai riƙe da shi, matakin ƙafa ya caki ƙasa, mutumin ya zube ta gaba. Gangaren da ya dace da wannan ƙofa zai ci falle biyu da kwata, saboda haka falle uku za a saya, mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, a ɗora shi kan katako mai ƙwari da aka tokare daga ƙasa yadda ba zai lanƙwashe a tsakiya ba. Faɗin fallen na ƙafa huɗu ya isa keke ya wuce. A gefe da gefe a buga katako mai tsayin inci huɗu don kada taya ta zame ta faɗa, a sa abin riƙewa a tsayin ƙugu, kamar santimita 90, domin tsofaffi masu sanda su ma gangaren za su bi. Saman filawud yana santsi idan ya sha ƙura ko ruwa, sai a shimfiɗa masa roba mai kaushi a buga ta da ƙusa. Bakinsa na ƙasa ya kwanta daidai da ƙasa, domin tudun inci ɗaya kaɗai yana tsayar da ƙananan tayoyin gaba cak.

A saman gangaren dole a sami fili shimfiɗaɗɗe, kamar ƙafa biyar a tsawo da faɗi, inda mai keke zai tsaya a buɗe ƙofa ba tare da keken ya koma da shi baya ba. Idan filin gaban ɗakin bai kai ƙafa 18 ba, ana iya kwantar da gangaren ya bi jikin bango, ko a duba wata ƙofar ta gefe mai matakala ɗaya, wadda gangaren ƙafa shida zai ishe ta. Sharaɗin kawai shi ne ƙofar ta zama ta mutunci, a share ta, a haskaka ta, a sa mai tarba a bakinta. Bai dace a bi da baƙo ta inda ake wanke-wanke da tara shara ba. Idan kuwa ɗakin taron a saman bene yake kuma babu na'urar hawa, ko akwai amma ta dogara da wutar da ba ta da tabbas, shawarar da ta fi ita ce a nemi wani wurin. Rumfa a fili mai daɓe ta fi bene mai kyan gani da kakar amarya ba za ta iya hawa ba.

Kafin a iso ƙofar ma akwai tsakar fili. Yashi yana riƙe tayar keke, tsakuwa haka, laka a damina ta fi su duka. A ware wa masu lalura wurin sauka mafi kusa da ƙofa, a sa yaro mai hankali ya tsare shi, in ba haka ba motar wani babban baƙo za ta mamaye shi tun da hantsi. A bar fili kamar mita ɗaya da rabi a gefen motar domin a buɗe ƙofa sosai a kawo keken kusa. Lambatun da aka ɗora wa falanki guda a shimfiɗa masa murfi mai faɗi wanda ba ya rawa. Wayoyin lantarki da ke bin ƙasa daga janareta zuwa lasifika a bi da su ta jikin bango ko a rufe su da kafet a manne bakinsa, domin su ne ke harɗe sandar tsoho.

Faɗin keken guragu na asibiti yakan kai santimita 65 zuwa 70, ban da hannayen mai tuƙa shi. Don haka ƙofa tana buƙatar buɗi na aƙalla santimita 80, in an sami 90 ya fi. Idan ƙofar mai murfi biyu ce kuma an saba kulle ɗaya, a karɓi makullin tun ana gobe. Hanyar da ke tsakanin kujeru ta kai santimita 120, kuma a ƙarshenta a bar fili mai faɗin mita ɗaya da rabi inda keke zai juya. Sai dai a ƙasar Hausa akwai wani keken da littattafan gini na ƙasashen waje ba su cika lissafa shi ba, wato mai taya uku da ake murzawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa. Ya fi na asibiti tsawo sosai kuma ba ya juyawa a ƙaramin fili. Da yawa daga masu shi suna barinsa a bakin ƙofa su shiga da hannu da gwiwa. Ga irin wannan baƙo, tsabtar ƙasa da bushewarta su ne komai. Ruwan alwala da ya malale, miyar da ta zube, tarin takalma a bakin ƙofa, duk a kansu zai dafa tafin hannunsa. A tanadi inuwa kusa da ƙofa inda zai ajiye kekensa, a sa mai tsaro don kada yara su mai da shi abin wasa, a kuma tambaye shi ko kujera yake so ko shimfiɗa.

Wurin zaman mai keke yana cin fili kamar santimita 90 a faɗi da 140 a tsawo, wato a cire kujera biyu a layi da biyu na bayansu. A yi hakan a bakin hanya, a wurare biyu ko uku, kowanne da kujerar ɗan rakiya a gefensa. Kada a tara masu keke gaba ɗaya a lungu guda a bayan ɗaki, domin kowannensu da danginsa da abokansa ya zo, kuma da mutane sun miƙe tsaye ba zai ƙara ganin komai ba. Idan da tebura, a duba ƙarƙashinsu ya kai santimita 70 don gwiwa ta shige. Duk abin da aka tanada a ɓangaren maza kuma sai an maimaita shi a ɓangaren mata. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, alhali tsofaffin mata ne suka fi yawa a biki kuma su suka fi daɗewa a zaune.

Idan ta kama dole a taimaka wa mai keke ya hau dakali ɗaya, akwai yadda ake yi. Da farko a tambaye shi, domin ya fi kowa sanin kekensa da jikinsa. Mai turawa ya taka ƙarfen da ke ƙasa ta baya, ya ɗaga tayoyin gaba su hau, sannan ya tura manyan. Wajen sauka a juya a sauko da baya. Ba a ɗaga keke ta madafar hannu ko ta matakin ƙafa, domin a kekuna da yawa waɗannan cirewa suke yi, sai su zare a hannun mai ɗagawa. Duk inda aka tsaya a ja birki. Keken kuma tamkar jikin mai shi ne, ba a jingina da shi, ba a rataya masa jaka, ba a tura shi gefe ba tare da izini ba. Mai magana da shi ya ja kujera ya zauna su haɗa ido, kuma shi zai yi wa magana, ba ɗan rakiyarsa ba.

Buƙatar tsoho ta fi ta mai keke ɓoyuwa, domin da ƙafarsa ya shigo kuma kunya ba za ta bar shi ya yi ƙorafi ba. Zama ba ya yi masa wuya kamar tashi. Tabarma da kafet al'ada ce mai kyau, amma mai ciwon gwiwa ko ƙugu idan ya kai ƙasa sai an kama shi. Kushin mai laushi da ake jerawa a gaba don girmama manya shi ma yana nutsewa da mutum. Kujerar da ta fi dacewa ita ce mai tauri, mai tsayin santimita 45 zuwa 48, mai madafar hannu biyu da zai dafa ya miƙe. Kujerar roba ta haya a duba ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, domin wadda ta sha rana takan tsage, kuma a kan tayil ƙafafunta suna bajewa. Idan ita kaɗai ke akwai, a haɗa biyu a cusa ɗaya cikin ɗaya, za ta ƙara ƙwari da ɗan tsayi. A ajiye wasu kujerun a kan hanya, tsakanin wurin sauka da ƙofa, da kuma a gefen sahun salla domin masu salla a zaune.

Lokaci ma wani ɓangare ne na shirin. Katin ya ce ƙarfe biyu, tsofaffi su iso ƙarfe biyu saura, amarya ta iso bayan la'asar, abinci ya fito gab da magariba. Ga mai ciwon sukari da ya sha magani ko ya yi allurarsa da rana yana sa ran cin abinci, wannan jinkiri haɗari ne. Alamun faɗuwar sukari su ne gumi, rawar jiki, jiri, da ruɗewar magana. Idan mutumin yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi lemo mai sukari ko sukari cokali uku a ruwa, sannan a bi shi da abinci. Idan ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Rigakafin wannan shi ne a fara kai wa tsofaffi abinci a inda suke zaune, a kan lokaci, ko da manyan baƙi ba su iso ba. Layin ɗibar abinci ba na mai sanda ba ne, domin hannunsa ɗaya ne kawai a sake. A kuma lura da masu raunin haƙori, a haɗa da tuwo mai laushi ko fate ko naman da ya dahu lugub.

Jin ƙishirwa yana raguwa da tsufa, ga zafin bazara a ƙarƙashin rumfa ko rufin kwano. Ruwa ya kasance a gabansu tun zuwansu. Amma tsoho ba zai sha ba idan ya san banɗaki na da nisa ko na tsuguno ne, don haka maganar ruwa da ta banɗaki a haɗe suke. A sami ɗaya a kowane ɓangare, kusa, babu matakala, mai ƙofa da ta kai santimita 80, kuma ya fi kyau ta buɗe ta waje, domin idan mutum ya faɗi a ciki jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ta ciki. Idan masai na tsuguno ne, akwai kujera mai rami da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, a ɗora ta a kai. A kafa ƙarfen riƙewa a bango idan mai ɗakin ya yarda, a ajiye buta inda hannu zai kai daga zaune, a sa mai goge ƙasa ya riƙa leƙawa, domin jiƙaƙƙen tayil ne ya fi kayar da tsofaffi, kuma karayar ƙugu a waɗannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi daga ita. A wurin alwala a sa benci da buta cike.

Sai maganar ji, wadda aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane suna ɗauka cewa maganin raunin ji shi ne a ƙara ƙarar lasifika. Raunin jin da ke zuwa da tsufa yakan fara ne da siraran sautuka, irin na sa da sha da fa da tsa, ya bar masu kauri. Shi ya sa tsoho zai ce yana jin murya amma ba ya gane maganar. Ƙara ƙarfi yana ƙara masu kaurin ne da ya riga yana ji, su danne siraran. Ga da yawa daga cikinsu kuma tazarar da ke tsakanin sautin da ba su ji da wanda ke yi musu zafi a kunne ta ƙuntata, sai ihu ya zama azaba. Mai sanye da na'urar ƙara ji ya fi shan wahala, domin na'urar tana ɗaukar kiɗa da hayaniya da kukan makirufo tare da maganar. Abin da mai raunin ji ke buƙata shi ne magana ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita fitowa, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a rage hayaniyar.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Manyan lasifikokin biki suna kaiwa nan ga wanda ke kusa da su. Ba sai da na'ura za a gane ba: idan mutum biyu da ke nesa da juna da tsawon hannu ɗaya sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, ƙarar ta yi yawa. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da desibel shida. Lasifikar da ke ba da 100 a mita ɗaya za ta ba da 94 a mita biyu, 88 a mita huɗu, 82 a mita takwas. Daga wannan lissafi ake gane kuskuren da ake yi wa dattawa, inda ake jera su a layin gaba don girmamawa, daidai bakin lasifika. Mai raunin ji kusa da mai magana ya kamata ya zauna, nesa da lasifika. Ƙananan lasifikoki huɗu da aka rarraba a jikin bango, aka ɗaga su sama da kai, aka sassauta, sun fi manya biyu da aka ƙure a gaba. A cikin ɗaki mai tayil da bangon siminti sauti yana dawowa ya cakuɗe da kansa, labule da kafet suna rage wannan. Janareta kuma a kai shi nesa, aƙalla mita shida daga ƙofofi da tagogi, saboda ƙararsa da kuma hayaƙinsa mai kisa.

Mai kiɗa da mai gabatarwa su ne ke riƙe da sauran aikin, kuma da su za a zauna kafin ranar. A yi yarjejeniya cewa idan ana jawabi ko addu'a za a kashe kiɗa gaba ɗaya, ba a rage shi ba. Mai magana ya riƙe makirufo kamar faɗin tafin hannu daga bakinsa, ɗan ƙasa da leɓe don kada ya rufe shi, ya yi magana a natse ba tare da ihu ba. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. Duk wanda zai ce wani abu, ko da tambaya ce daga cikin jama'a, a miƙa masa makirufo, ko mai gabatarwa ya maimaita. A wurin ɗaurin aure wannan yana da nauyi na musamman, domin waliyyai da liman sukan yi maganar sadaki da siga da murya ƙasa-ƙasa a tsakaninsu, alhali wani daga cikin waliyyan ko shaidun dattijo ne da ba ya ji sosai. A zaunar da shi yana fuskantar liman, ta ɓangaren kunnensa mai lafiya, a maimaita adadin sadakin a fili.

Mai raunin ji da idonsa yake cike giɓin da kunne ya bari. Yana kallon leɓe da fuska, don haka haske ya faɗa a fuskar mai magana. Idan taga ko fitila mai ƙarfi tana bayansa, fuskar ta zama duhu. Amawalin rawani da takunkumi da hannun da aka kai baki duk suna rufe wannan hanya. Masu ɗaukar hoto da ke cika gaba suna tare ta su ma, sai a ware musu gefe. Karatun leɓe kuwa ba ya kawo dukan magana, domin sautuka da yawa kamanninsu ɗaya a baki. Saboda haka a rubuta muhimman abubuwa, jerin shirin da lokacin salla da na abinci da inda banɗaki yake, da manyan baƙaƙe a kan farar takarda. Wanda bai gane magana ba kuma aka maimaita masa sau biyu, a sauya kalmomin, kada a ce masa a bar shi kawai.

Kurame da suka tashi da maganar hannu buƙatarsu daban ce, tafinta suke so. A nan ma sai an tambaya, domin maganar hannu ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta ƙasar Hausa, wadda kurame suka gada a tsakaninsu tun da daɗewa a garuruwa irin su Kano, akwai kuma wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga ta Amurka. Dattijon kurma da bai shiga makaranta ba zai iya kasa fahimtar tafintan da ya koyi ta makaranta kaɗai. Hanya mafi tabbas ita ce a tambayi baƙon da kansa wanda yake so ya fassara masa, ko a nemi shawarar ƙungiyar kurame ta garin. Tafinta ya tsaya kusa da mai magana, a wuri mai haske, bayansa babu kayan ado masu walƙiya, kuramen kuma su zauna suna fuskantarsa ba tare da hanyar wucewa a tsakani ba. Aikin yana gajiyar da hannu da ƙwaƙwalwa, shi ya sa a taron da ya wuce awa ɗaya ake ɗaukar tafinta biyu suna karɓar juna duk bayan minti 20 zuwa 30. A ba su sunayen ango da amarya da na masu jawabi tun kafin a fara, a kuma sa kuɗinsu cikin kasafin biki tare da na mai hoto da na mai kiɗa.

Tashi daga taro shi ne lokacin da ya fi haɗari, domin kowa yana neman ƙofa a lokaci guda, duhu ya fara, masu shirin kuma sun gaji. Mai gabatarwa ya sanar cewa tsofaffi da masu keke za su fara fita, ko kuma su dakata a zaune har cunkoso ya wuce, gwargwadon abin da suka zaɓa. A kunna fitila a kan gangaren da matakala, a manna farin tef a bakin kowace matakala don ido mai rauni ya ga iyakarta. A tabbatar babu babur ko motar da ta toshe bakin gangaren. Idan wuta ta ɗauke ko gobara ta tashi, kurma ba zai ji sanarwa ba, mai keke kuma hanya ɗaya ce gare shi. Don haka tun da farko a ɗora wa mutum guda alhakin kowane baƙo mai lalura, ya san sunansa da inda yake zaune, ya riƙe tocila, ya san ƙofa ta biyu, kuma kada ya bar wurin sai ya ga baƙon ya shiga abin hawan da zai mai da shi gida.